Kwalbar Humra a Ɗaki Mai Duhu: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Haja da Waya Kawai

A yau mata da yawa a Kano, Kaduna, Maiduguri da Zinder suna kasuwanci ne daga cikin ɗakunansu. Humra, turaren wuta, mayafai, takalma da kayan kicin, duk a waya ake tallarsu, a WhatsApp ko Instagram ko Facebook. Mai saye ba ta taɓa kayan ba, ba ta shanshana ba, hoto kawai ta gani, kuma da shi za ta yanke shawarar ko ta turo kuɗi ko ta wuce. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Idan hoton ya fito dishi-dishi, kwalba ta yi duhu, ga gefen katifa da takalmin yaro a baya, to an karya darajar kayan tun kafin a faɗi kuɗinsu.

Abin da akan ji daga bakin masu sana'ar shi ne, "Ai wayata ce ba ta da kyamara mai kyau." Sau da yawa ba haka ba ne. Ƙaramar Tecno ko Infinix ko itel ta isa ta fitar da hoton da za a yi ciniki da shi, muddin an ba ta haske yadda take so, an kuma hana ta motsi. Da yake mata ne suka fi yawa a wannan sana'a, da su zan yi magana kai tsaye, amma mai shago a Kantin Kwari ma zai iya ɗauka. Za mu bi kaya guda ɗaya daga farko har ƙarshe, wato kwalbar humra, domin gilashi ya fi komai wuyar ɗauka. Wadda ta iya shi, jaka da takalmi ba za su ba ta wahala ba.

Me ke samun waya idan haske ya yi ƙaranci?

A bayan gilashin kyamarar waya akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, wanda a yawancin wayoyi bai kai girman farce ba. Aikinsa kamar tarar ruwan sama ne da ƙaramin kofi: idan ana sheƙa ruwa, nan da nan ya cika, idan yayyafi ake yi, sai an daɗe ana riƙe da shi. A tsakar gida da rana, waya kan buɗe idonta na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa ba, ta gama. A cikin ɗaki mai duhu kuwa dole ta yi ɗaya daga cikin abu biyu, galibi ma ta haɗa su.

Na farko, ta tsawaita lokacin da idon yake buɗe, ya kai 1/20 ko 1/15 na daƙiƙa. Mutum zai ga kamar wannan ba komai ba ne, amma a cikin ɗan lokacin nan hannu yana rawa, ko numfashi ma ya isa ya goge rubutun da ke jikin kwalba. Na biyu, ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi da kanta. Wannan ƙarin shi ne lambar da ake gani a waya da sunan ISO. A haske mai kyau takan tsaya a 50 ko 100, a duhu ta haura 1600 ko 3200. Duk lokacin da ta haura, sai hoto ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, ita kuma wayar ta yi ƙoƙarin shafe tsakin, ta haɗa da ƙananan siffofin kayan ta shafe. Shi ya sa hoton dare yake fitowa sumul babu rai, zaren yadi ya ɓace, ƙaramin rubutu ya cakuɗe.

Za ki iya tabbatar da wannan da kanki. Buɗe wani hoto da bai yi miki kyau ba, ki nemi wurin da aka rubuta Details ko Info. A yawancin wayoyi za ki ga lambar ISO da tsawon lokacin ɗauka. Idan kika ga ISO ya wuce 800, ko lokaci ya kai 1/20, kin gano inda matsalar take.

Filashar waya ba ta magance wannan. Tana nan manne da kyamara, haskenta yana tafiya kai tsaye ya bugi gilashin kwalba ya dawo cikin idon kyamarar, sai ki ga farin tabo a tsakiyar takardar sunan kaya, baya kuma ya yi baƙi ƙirin. Ki kashe ta gaba ɗaya, kada ki bar ta a Auto.

Taga ɗaya ta isa

Da rana, hasken da ya fi kowane shi ne na bakin taga ko bakin ƙofa, a wurin da rana ba ta faɗo kai tsaye ba. Ɗakunanmu da yawa tagoginsu ƙanana ne, ga labule mai kauri, ga raga, don haka tsakiyar ɗaki duhu ne ko da azahar. Haske yana raguwa da sauri sosai yayin da ake nisa da taga. Saboda haka ki ɗage labule, ki jawo ƙaramin tebur ko kujerar tsugunno har jikin tagar, kamu ɗaya ko biyu tsakani. Idan tagar ba ta da kirki, bakin ƙofar ɗaki ko baranda ko inuwar zaure sun fi ta.

Yadda za ki tsaya shi ne muhimmi. Taga ta kasance a gefenki, dama ko hagu, kada ta kasance a bayanki, kada kuma ki fuskance ta. Idan tana bayanki, inuwarki za ta faɗa kan kayan, hoton kuma ya fito a shafe babu tudu babu kwari. Idan kika fuskance ta, waya za ta auna hasken waje ta mayar da kwalbar baƙa. Hasken gefe ne yake nuna zagayen kwalba da kaurin abin da ke cikinta. Idan tagar tana kallon gabas, da safe rana za ta shigo da ƙarfi, sai ki jira hantsi ya wuce, ko ki rataya farin mayafi mai shara-shara ya tace ta. Mai kallon yamma kuma a yi amfani da ita kafin la'asar.

Sannan ki kashe ƙwan ɗaki, ko da akwai wuta. Mutane sukan yi mamakin wannan, su ce ai ƙarin haske ne. Matsalar ita ce kowane haske da launinsa. Na taga fari ne mai ɗan shuɗi, wasu ƙwayayen lantarki ruwan ɗorawa suke bayarwa, wasu kuma shuɗi-shuɗi. Idon mutum yana daidaita su ba tare da ya lura ba, amma waya launi ɗaya kawai take iya gyarawa a lokaci guda. Idan suka haɗu, gefe ɗaya na kwalba zai yi ja-ja, ɗaya ya yi shuɗi, kuma babu gyaran da zai daidaita su daga baya.

Shimfiɗa da bango daga kwali guda

Abin da za a ɗora kaya a kai ba ya buƙatar kashe kuɗi. Ki sayi babban kwalin nan da 'yan makaranta ke zane a kai, wanda ake samu a shagon littattafai, fari guda biyu da ruwan toka ko ruwan ƙasa guda ɗaya. Ki zaɓi marar sheƙi. Ki jingina teburin da bango ko da katan, ki manne saman kwalin a tsaye da salatif, ki bar sauran ya sauko ya kwanta a kan tebur. Kada ki karya shi a kusurwa, ki bar shi ya lanƙwasa a hankali. Wannan lanƙwasar ce sirrin: babu layin da ya raba ƙasa da bango, sai kayan su fito kamar a ɗakin ɗaukar hoto.

Kwalbar ta zauna a gaba, kimanin taƙi ɗaya daga inda kwalin ya fara tashi. Idan ta matse da bango, inuwarta za ta hau shi ta tsaya a bayanta kamar kwalba ta biyu.

Zaɓen launi ya danganta da kayan. Baƙar humra tana fitowa sarai a kan farin kwali. Farar humra kuwa, mai kama da madara, ɓacewa take yi a kan fari, gefenta ya narke cikin bango, don haka ita ruwan toka ko ruwan ƙasa ya dace da ita. Idan babu kwali, yadi marar zane zai yi, amma sai an goge shi sosai, domin hasken gefe yana tona duk wata tattara. Ragowar tayil marar sheƙi daga wurin gini ma shimfiɗa ce mai kyau ga ƙananan kaya. Turaren wuta kuma, maimakon a bar shi duka a cikin kwalba inda ba a ganin komai sai duhu, a zuba kaɗan a kan sabon faifai ko farin faranti a gaban kwalbar, mai saye ta ga girman itacen da yadda ya sha haɗi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora kaya a kan atamfa mai zane, ko zanen gado mai furanni, ko a kewaye su da furen roba da duwatsu masu ƙyalli. Niyyar ado ce, na sani, amma idon mai saye yana rarrabuwa, kuma launin shimfiɗar yana komawa kan kayan. Jan kyalle a ƙarƙashin farar humra zai mayar da gindinta ruwan hoda. Haka ma bangon ɗaki mai koren fenti, da shuɗiyar rumfar leda a bakin shago, har ma da jan hijabin mai ɗaukar hoton idan ta matso kusa da gilashi.

Yanzu ki duba kwalbar. Gefen taga ya yi haske, ɗaya gefen ya yi duhu. Nan farin kwali na biyu zai yi aiki. Ki naɗe shi biyu ya tsaya da kansa kamar buɗaɗɗen littafi, ki ajiye shi a gefen da ke da duhu yana fuskantar taga, dab da inda hoto ya ƙare. Zai tare hasken da ya wuce ya mayar da shi kan kwalba. Ki riƙa matso da shi kina kallon fuskar waya, za ki ga inuwar tana washewa. Kada ki kashe inuwar duka, ki bar kaɗan, da ita ake gane siffar kaya.

Idan dare ya yi kuma an ɗauke wuta

Sau da yawa kaya sukan iso da yamma, masu saye suna jira, ko kuma uwar gida ba ta samun sukuni sai yara sun yi barci. A nan fitilar caji za ta maye gurbin taga. Ki tabbata ta cika da caji, ki kunna ta a matakin ƙarshe, domin wasu fitilun idan aka rage su suna kyaftawa da saurin da ido ba ya gani, amma kyamara ta fitar da shi a matsayin layuka masu duhu a kwance. Ƙwan lantarki mai arha ma yakan yi haka.

Idan kika haska kwalba da fitilar tsirara, za ki ga ɗigon haske mai zafi a jikin gilashi, da baƙar inuwa mai kaifi a ƙasa. Dalili shi ne fitilar ƙarama ce. Taushin haske ya danganta ne da faɗin abin da yake fitowa daga gare shi: mai faɗi kuma na kusa, inuwarsa laushi, ƙarami ko na nesa, inuwarsa kaifi. Aikinki shi ne ki faɗaɗa fitilar. Ki sami katan, ki yanke babbar taga a gefe ɗaya, ki rufe ta da farin ɗankwali marar kauri ko farar takarda mai shara-shara. Ki tsayar da wannan tagar a gefen kwalba, kimanin taƙi ɗaya tsakani, fitilar kuma ta koma bayan kyallen da wani taƙin ko fiye.

Wannan tazara ta biyu ita ce ake yawan kuskurewa. Idan fitila ta manne da kyalle, ɗan wuri kaɗan take haskawa, kuma ba a yi komai ba. Sai an ja ta baya har kyallen duka ya cika da haske, sannan ya zama taga. Alamar an dace ita ce a jikin kwalba: ɗigon nan zai koma dogon zirin haske mai laushi da ya bi gefenta daga wuya zuwa gindi. Wannan zirin ba aibu ba ne, shi ke nuna gilashi ne mai tsabta. Idan ya faɗo kan takardar suna ya rufe rubutu, ki matsar da katan ɗin da fitilar baya kaɗan ta gefe, har ya koma bakin kwalba. Amma kada ki yi nisa da fitilar fiye da kima, domin idan aka ninka nisan ƙaramar fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta ne ke isowa. Kuma wannan dabara ta fitilar caji ce da ba ta zafi. Kada a kusantar da kyalle ko takarda ga kyandir, fitilar kananzir ko tsohon ƙwai mai zafi.

Hasken da ya ratso kyalle ya ragu, don haka dole waya ta tsaya cak. Ki jingina ta da kofi mai nauyi ko tarin littattafai, ko ki yanka tsaga a ƙaramin katan ki soke ta. Idon kyamara ya yi daidai da tsakiyar kwalba, wayar kuma a miƙe take, ba ta sunkuya ba. Idan idon ya yi sama da yawa, ki juya wayar kai ƙasa. Ɗauka daga sama yana sa murfi ya yi ƙato, gindi ya tsuke. Kada kuma ki kusanta sosai: kyamarar waya mai faɗin gani ce, abin da ya matso ta sai ya kumbura, kuma yawancinsu ba sa iya gani sarai idan abu ya fi santimita 10 kusa. Ki tsaya a kamu ɗaya, ki bar ta a 1x, daga baya ki yanke gefe. Hoton waya yakan kai faɗin ɗigo 3000 zuwa 4000, alhali abin da ake gani a shafukan talla bai cika wuce 1080 ba, don haka ko rabi kika yanke ba ki yi asara ba. Jan hoto da yatsu biyu kuwa, a wayoyi masu sauƙin kuɗi, ba ya ƙara komai sai dishi-dishi.

Kafin ɗauka, ki goge gilashin kyamara da gefen tsabtataccen kyalle mai laushi. Hannun mai sayar da humra ba ya rabuwa da maiƙo, kuma ɗan shafi ɗaya ya isa ya sa hoto ya yi hazo, haske ya riƙa jan wutsiya. Kwalbar ma a goge ta, a riƙe ta ta murfi. A lokacin hunturu a yi gugar dab da ɗauka, domin ƙura ba ta jira.

Ki taɓa rubutun kwalba a fuskar waya ki danne na ɗan lokaci, har ki ga alamar kwaɗo ko AE/AF Lock. Wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe. A kan farin kwali, waya takan ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fari ya koma ruwan toka, kaya su yi duhu. Ki ja alamar sama kaɗan har kwali ya yi fari, ki tsaya kafin rubutu ya fara ɓacewa. A kan shimfiɗa mai duhu akasin haka ake yi. Sai ki saita Timer a daƙiƙa 3, ki danna, ki janye hannu, kada ki taɓa ko da teburin.

Idan wayarki tana da Pro, a nan ne za ki ci ribarta. A ce da kanta ta zaɓi ISO 1600 da lokaci 1/30. Ki mayar da ISO zuwa 100. Kin rage ƙarfin sau 16 ke nan, don haka lokacin, wanda ake nunawa da S, sai ya ƙaru sau 16, ya koma wajen rabin daƙiƙa. A hannu wannan ba zai yiwu ba, amma kwalba ba ta motsi, waya ma a jingine take. Hasken hoton ɗaya ne da na farko, sai dai yashin nan ya tafi, ƙaramin rubutu ya fito. Idan babu Pro, ki gwada Night, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa ya haɗa su. Yana taimakawa, ko da yake wani lokaci yakan ƙara haske da launi fiye da gaskiya.

Bayan ɗauka, ki buɗe hoton ki faɗaɗa rubutun kwalba. Idan haruffa sun ja gefe ɗaya ko sun zama biyu-biyu, waya ta motsa. Idan kwalin baya ko gaban tebur ya fito sarai amma rubutu bai fito ba, kyamara ta kama wani wuri ne, sai a sake taɓawa. Idan komai ya yi fari-fari kamar hazo, gilashi ne bai gogu ba. Idan tsaki ne ya yi yawa, haske ne bai isa ba, a matso da fitila ko a rage kaurin kyalle.

Launin gaskiya

"Ba wannan kalar na gani a hoto ba." Duk mai sayar da kaya ta waya ta san zafin wannan magana, musamman masu mayafai da shadda. Fitilar caji yawanci shuɗi-shuɗi take bayarwa, sai farar humra ta yi kamar an sa mata bula. Ma'auninki shi ne farin kwali: idan ya fito fari a hoto, sauran launuka ma sun kusa daidai. A Pro akwai WB, ki riƙa juya shi har kwalin ya yi fari. Ko kuma daga baya, a manhajar Snapseed wadda kyauta ce, ki shiga White Balance ki taɓa farin wuri da ɗan tsinken da ke ciki, sauran su daidaita. Idan shimfiɗar ruwan ƙasa ce, ki sa guntuwar farar takarda a gefen hoto, ki gyara da ita, sannan ki yanke ta.

Ki kashe Beauty da duk wani Filter, an yi su ne don fuska, kuma suna shafe siffar kaya. Ki duba kuma ko Eye Care ko Night Light a kunne yake, domin yana sa fuskar waya ta yi ruwan ɗorawa, ki yi ta gyaran abin da bai lalace ba. Gyara ya tsaya a yanke gefe, miƙar da hoto, da daidaita haske da fari. Ƙara wa launi ƙarfi don kaya su fi kyau a hoto fiye da a hannu, algus ne ko da ba a yi niyya ba, kuma mai saye ba ta dawowa. Washegari da safe ki riƙe kwalbar kusa da waya a bakin ƙofa ki gwada su. Idan sun yi daidai, ki saki hoton.

Saura turawa. WhatsApp yana matse hoto don rage cin data, kuma hoto mai tsaki ya fi lalacewa a wannan matsi. Tun 2023 akwai alamar HD a saman hoto kafin a tura, ki riƙa danna ta. Idan mai saye tana son ganin kaya dalla-dalla, ko za a kai hoton wurin mai buga takardar talla, ki tura shi a matsayin Document, zai isa yadda kika ɗauke shi. Kuma kullum ki ɗora daga asalin hoton da ke wayarki, kada ki ɗauko wanda aka riga aka tura wa wani aka dawo miki da shi, domin kowane zagaye yana rage masa kyau.